Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6: wanne ya fi jure amsa-kuwwa?

Mai shago zai nuna maka gudun da aka rubuta a kwali. In a filin kasuwa ko babban sito mai rufin kwano za ka kafa na'urar Wi-Fi, ka fara da tambayar amsa-kuwwa. Sigina na bugun kwano da bango ya dawo, kwafinsa ya iso a makare ya hau kan saƙon da ke biye.

Wi-Fi 5 da Wi-Fi 6 dukansu da tsarin OFDM suke aiki. Maimakon a tura saƙo da gudu a kan zango ɗaya, sai a raba shi a kan ƙananan zanguna masu yawa, kowanne na tafiya a hankali. Idan amsa-kuwwa ta dusashe wasu, lambobin gyara kuskure da ke kan sauran za su cike giɓin. Sannan a kwafi wutsiyar kowane guntun saƙo a manna a gabansa. Mai karɓa yana zubar da wannan ƙarin, don haka duk kwafin da ya iso a cikinsa bai yi ɓarna ba. A allon saiti sunansa Guard Interval.

Sigina na cin mita 300 a mikrosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ƙarin Wi-Fi 5 mikrosakan 0.8 ne, yana ɗaukar makarar mita 240 ke nan. Kada ka rikita wannan da nisan da ke tsakanin na'urorin. Bambancin hanyar kai tsaye da ta zagaye ake aunawa. A ce akwai katon gini mai kwano mita 150 a bayan mai karɓa. Zuwa da dawowa mita 300, mikrosakan ɗaya cur. Ya zarce 0.8. Alamarsa ita ce sigina cike taf amma aiki na jan ƙafa, na'urar tana ta maimaita aike.

A nan Wi-Fi 6 ya yi zarra. Ya matse tazarar zangunan ninki huɗu, guntun saƙo ya tashi daga mikrosakan 3.2 zuwa 12.8, kuma akwai zaɓin ƙarin 0.8, 1.6 ko 3.2. Na 1.6 ya wadatar da ginin nan, kuma kusan kashi 11 cikin ɗari na lokaci kawai yake ci, alhali 0.8 na Wi-Fi 5 kashi 20 yake lashewa. Sai dai fa dole wayoyin da za su hau su ma su san Wi-Fi 6. Tsohuwar waya da tsohon tsari za a yi mata magana.

Gida ko ƙaramin ofis kuwa, ni ban ga dalilin ƙara kuɗi saboda amsa-kuwwa ba. Wi-Fi 5 ya isa, har ma ka kunna Short GI, wato gajeren Guard Interval, ƙarin ya koma 0.4, ka sami ɗan ƙarin gudu. A fili ko sito, kashe shi.