Layi, sanduna ko da'ira: wanne ya dace da lissafin hatsin ƙungiya?

"Jama'a, ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan hatsi. Bana mun sayar da buhu 1,000: masara 420, gero 260, dawa 240, wake 60, waken suya 20. Ina da lissafin kowane wata, da na bara ma. Za ni gabatar a taron shekara, Excel kuma ya jero mini `Line`, `Column` da `Pie`. Wanne zan ɗauka?"

Malam Sakatare, kafin ka taɓa linzamin kwamfuta, ɗauki biro ka rubuta jimlar da kake so dattawan taron su tashi da ita. "Ciniki ya faɗi da damina, ya tashi da kaka" magana ce ta lokaci, zanen layi take so. "Masara ta fi kowa fita" magana ce ta wa ya fi wa, sanduna take so. "Masara ita kaɗai ta kusa rabin cinikinmu" magana ce ta kaso, nan ne kawai da'ira ke da wurin zama. Jadawalinka ɗaya ne, amma tambayoyi uku ne a cikinsa, kuma babu zane guda da zai amsa su duka da kyau.

Mu fara da layi da sanduna, don su aka fi rikitawa. Layi yana haɗa ɗigo da ɗigo, mai kallo kuma sai ya karanta cewa daga wannan aka taka zuwa wancan. Daga Yuli zuwa Agusta haka ne, wata na bin wata. Daga masara zuwa gero kuwa babu wata tafiya, layin da aka ja tsakaninsu ƙarya yake faɗa. Saboda haka watanni goma sha biyun nan ka shimfiɗa su a ƙasa, buhuna a gefe, ka ja wa masara, gero da dawa layi ɗaya-ɗaya. Wake da waken suya ka bar su, don buhu 20 a shekara kwanciya zai yi a ƙasan zanen babu mai ganin motsinsa. Da sanduna za ka yi wannan aikin, iri biyar sau wata goma sha biyu sanda sittin ke nan, ba wanda zai iya binsu daga kujerar baya. Shi kansa William Playfair, mutumin Sikotland da ya fito da waɗannan zane-zanen, layi ya yi ta amfani da shi a littafinsa na 1786. Sanduna ya koma musu ne a kan cinikin Sikotland da ƙasashen waje, saboda alƙaluman shekara ɗaya tak gare shi, ba lokacin da zai ja layi a kai.

Abin da ke ɓata zanen layi shi ne watan da ba a rubuta ba. In littafin Satumba ya ɓace, ka bar gidan babu komai. Kada ka sa 0, kada ka rubuta "babu", don Excel sifili yake ɗaukar rubutu, sai layin ya faɗa ƙasa kamar an rufe shago wata guda. Yadda zai bi da gidan da ba komai kuwa yana cikin `Select Data`, sannan `Hidden and Empty Cells`. Zaɓi `Gaps`, giɓin ya fito fili.

Sanduna kuma tsawonsu shi ne maganarsu, don haka dole su tashi daga sifili. Duba geronka da dawarka: 260 da 240. Bambancin buhu 20 ne, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na dawar. To a ce ma'aunin gefe ya fara daga 230. Sandar gero ta zama 30, ta dawa ta zama 10, gero ya ninka dawa sau uku a idon mai kallo. Ba sai ka yi niyyar ha'inci ba, Excel da kansa yakan datse ƙasan ma'auni in alƙaluman sun yi kusa da juna. Ka dubi lamba ta ƙasa a gefen zanen. In ba 0 ba ce, danna ma'aunin sau biyu, cikin `Axis Options` ka mai da `Minimum` 0. Layi ba shi da wannan ƙa'idar sosai. Farashin buhu, misali, ana iya fara ma'auninsa daga sama don hawa da saukar su fito, muddin lambobin suna rubuce ɓaro-ɓaro. Sannan ka jera sandunan daga babba zuwa ƙarami tun a jadawali.

Yanzu da'ira, wadda na san ita ce ta fi ɗaukar maka ido. Alƙalumanka sun cika sharaɗinta: yanka biyar ne kacal, duka ma'auninsu buhu ne, in an tara su sun ba da 1,000 cif, wato kashi 42, 26, 24, 6 da 2 cikin ɗari. Za ta nuna cewa masara ta kusa rabi, kuma wannan aikin tana yin sa da kyau, don ido ya san rabi ya san kwata. Amma tambaye ta gero da dawa wa ya fi. Zagayen da'ira digiri 360 ne, gero ya ci 93.6, dawa 86.4. Digiri bakwai ne da ɗan abu tsakani, yankan kuma suna fuskantar wurare daban-daban. Ba laifin idon mutanenka ba ne: gwajin da William Cleveland da Robert McGill suka buga a 1984 ya nuna mutane sun fi ƙiyasta daidai in abubuwa na tsaye a kan ma'auni guda, fiye da in kusurwa za su auna. In ka sami kanka kana rubuta lamba a kan kowane yanki don a gane wanda ya fi, ai lambobin ne ke aiki, da'irar ado ce. Ita kuwa `3-D Pie` kada ma ka kusance ta, yankin da ke gaba kumbura yake yi.

Babban tarkon yana wurin da ka ce kana da na bara. Mu ɗauka bara buhu 700 kuka sayar, masara 350. Kasonta rabi ke nan cif. Bana 420 ce cikin 1,000, kashi 42. Ka ajiye da'ira biyu gefe da gefe, yankin masara ya tsuke, wani Alhaji ya miƙe ya ce cinikin masara ya mutu. Alhali buhu 70 ta ƙara, sauran ne suka fi ta saurin tashi. Da'ira ba ta faɗin girman abin da aka raba. Don bara da bana ka yi `Clustered Column`, kowane hatsi sanda biyu manne da juna, ta bara da launi mai haske, ta bana mai duhu. In sauyin kason ne kake son nunawa da gaske, `100% Stacked Column` ta fi da'ira biyu, sai dai ka sa masara a ƙasa inda duk sandunan ke tashi, ka kuma rubuta 700 da 1,000 a saman kowace.

Af, kason buhu ba kason kuɗi ba ne. Buhun wake ya fi na masara tsada, don haka kashi 6 ɗin nan zai fi haka in da naira aka auna. Ma'aji zai yi wannan tambayar, ka rubuta a kan zanen cewa buhuna ka ƙirga.

Da ni ne a wurinka, zane biyu zan kai: layin watanni, da sandunan bara da bana. Maganar kaso kuma a kan sandunan zan ɗora ta a matsayin take, in rubuta "Masara buhu 420, kashi 42 cikin ɗari na cinikin bana". Ka buga su a takarda baƙi da fari tukuna ka gani, don a wurin hoton kwafi ja da kore duk toka-toka suke fitowa. In layukan sun saje, ka goge akwatin bayanin launuka, ka rubuta sunan kowane hatsi a ƙarshen layinsa.