Babban Allon Raba Wuta: Jimillar Lodi ko Lodin da Ake Ja a Zahiri?

Masu gini a Gombe suna yawan tambayata wanne lissafi za su bi wajen zaɓar girman babban allon raba wuta, don haka bari mu ɗauki bene mai shaguna (kilowat 120), ofisoshi (90) da gidajen kwana (90), a kan bolt 415 da `pf`, wato power factor, na 0.8, inda `P` kilowat ne, `I` kuma amfiya:

```
I = (P × 1000) / (√3 × V × pf)
```

Hanya ta farko ita ce a tara komai, wato kilowat 300, amfiya 522, sai allo mai amfiya 630. Lissafinta ba wuya, amma bireka da kebul duk sai sun ƙara girma, kuɗin kuma yana da nauyi.

Ta biyu tana duba abin da kowane sashe yake ja. Idan muka ɗauki kashi 80 cikin ɗari ga shaguna, 70 ga ofisoshi, 50 ga gidaje, an sami kilowat 204. Da yake ofisoshi suna tashi kafin lodin gidaje ya kai ƙololuwa da dare, sai a raba da 1.2 saboda wannan saɓanin lokaci, ya zama kilowat 170, amfiya 296. Da rarar kashi 25, allon amfiya 400 ya wadatar.

Abin da yake damuna shi ne zafin Maris da Afrilu, lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki suke aiki tare, saɓanin lokacin ya ragu, bireka ta riƙa faɗuwa da rana.

Wanda bai san masu hayarsa ba, ko yake shirin ƙara bene, ta farko ta fi masa. Wanda ya san lodin kowane sashe da lokacin aikinsa, ta biyu za ta rage masa kashe kuɗi.