Gargaɗi: bashin "kashi 5 kacal" da ake talla a kasuwannin Jos

Jama'a, a yi hattara da wasu masu ba da bashi da ke yawo da takardun talla a Taminus, Katako da Farin Gada. Da manyan baƙaƙe sun rubuta "ruwa kashi 5 cikin ɗari kacal, babu jingina". Sai ka matso da takardar kusa da ido za ka ga "a wata" can ƙasa. Hukuncin riba na bar wa malamai. Ni lissafi zan yi, don ko kashi 5 ɗin ma ba gaskiya ba ne.

Wata 'yar'uwata mai sana'ar kayan gwari ta kawo min takardar da suka ba ta. Bashin naira 120,000 ne, wata shida. Kowane wata za ta biya 26,000: uwar kuɗi 20,000, ruwa 6,000. Jimla 156,000. Na ce, "Yaya, nawa ne ya shigo miki?" Ta buɗe alat, 108,000. Sun zare 12,000 tun kafin kuɗin ya iso, wai kuɗin fom 2,000, kuɗin aiki 6,000, inshora 4,000. Takardar inshorar kuwa ba ta taɓa ganinta ba.

Wayon farko yana cikin 6,000 ɗin nan da ba ya sauka. A watan farko ana binta 120,000, kashi 5 ɗinsa 6,000 ne, babu gardama. To a wata na biyu ai saura 100,000, kamata ya yi ruwan ya koma 5,000. Na uku 4,000, haka har ya kai 1,000 a watan ƙarshe. In ka haɗa, 21,000 ke nan. Su kuwa 36,000 suke karɓa, domin kullum a kan 120,000 suke lissafi, kamar ba ta taɓa biyan ko sisi ba. Dubi watan ƙarshe: 20,000 kawai ya rage, amma ruwansa 6,000, wato kashi 30 cikin ɗari. Wannan dabarar kaɗai ta mai da kashi 5 ya zama kusan kashi 8 a wata.

Sai a ɗora 12,000 da aka zare. Kuɗin bai taɓa hannunta ba, ba ta sari ko kwandon tumatir ɗaya da shi ba, amma za ta mayar da shi, kuma tana biyan ruwa a kansa. Saboda haka ka manta da sunayen da suka raɗa wa cire-ciren. Ta karɓi 108,000, za ta biya 156,000, abin da bashin ya ci mata 48,000 ne.

Yadda za ka gwada da kalkuletar waya: raba 48,000 gida shida, 8,000 ke nan a wata. Sannan ka haɗa abin da ake binta a farkon kowane wata, daga 120,000 har zuwa 20,000, ka raba shida, zai ba ka 70,000. Raba 8,000 da 70,000, za ka ga ya haura kashi 11. Wannan kintace ne. Mai son ainihin adadi ya rubuta wannan a Excel:

```
=TEXT(RATE(6,-26000,108000),"0.0%")
```

Zai fito kashi 11.6 a wata, kusan kashi 140 a shekara. An ce maka biyar, kana biyan fiye da ninki biyu. Mai kayan gwari da wani lokaci kabeji ke ruɓe mata kafin la'asar, ina za ta samo ribar da za ta rufe wannan ta kuma ci abinci?

Da na kira lambar da ke jikin takardar, yaron ya ce, "Oga, ai kuɗin aiki ba ruwa ba ne." Na ce ya turo jadawalin biya a rubuce. Har yau shiru. Nan ake gane su. Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka nawa zai shigo asusunka, nawa za ka biya da ranakun biyan, da tarar makara. Ka kuma tambaya: in na biya duka a wata na uku, za a yafe ruwan sauran watannin? A takardar Yaya ba a yafewa.

In suka ce su bankin maikurofainans ne, ka duba sunansu a jerin masu lasisin Babban Bankin Najeriya. In manhajar waya ce, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, tana da jerin waɗanda ta amince da su. Wanda kuwa ya ce ka fara turo kuɗin fom zuwa asusun wani mutum kafin a sake maka bashin, wannan ɗan damfara ne, kada ka tura ko kwabo.