Telan da ke rubuta lissafi kafin ya ɗauki almakashi

Na ba wani tela ɗinkin riguna huɗu masu dogon hannu da kwala, kuma abin da ya sa nake wannan sharhi shi ne yadda ya yanke kuɗin aikin. Bai kalli fuskata ya faɗi farashi ba. Takarda ya ɗauko ya ja layi huɗu: yadi, zare da kayan haɗi, ladan aiki, sai kuɗin kai kaya. Ɗinkin ya yi kyau, amma takardar nan ta fi burge ni.

A layin yadi muka fi daɗewa, kuma nan ne na ƙaru. Bayan ya yi mini awo, ya ce kowace riga za ta ci yadi biyu da rabi idan faɗin yadin inci 45 ne. Riguna huɗu yadi 10 ke nan, ya ƙara rabin yadi saboda auduga tana ƙanƙancewa a wankin farko, ya zama 10 da rabi. Da na ce kuɗin ya yi mini nauyi, sai ya nuna mini wani yadin mai faɗin inci 60. Wannan ya fi tsada kaɗan, amma da yake yana da faɗi, hannun riga yana samun wuri a gefen jikinta wajen yanka, don haka yadi biyu ya ishi kowace riga. A ce na farkon 10 ne kowane yadi, da kowane irin kuɗi mutum yake ciniki, na biyun kuma 11. Yadi 10 da rabi sau 10 ya ba da 105, yadi 8 da rabi sau 11 ya ba da 93 da rabi. Wanda ake gani mai tsada shi ne ya fi sauƙi a ƙarshe. Ya kuma gargaɗe ni cewa da yadin mai manyan layuka ne ko mai zane, dole a ƙara, domin sai an daidaita zanen a gaba da aljihu.

Zare ba wani kuɗi ba ne, amma ya rubuta shi, tare da maɓallai da abin da ake mannawa cikin kwala don ta tsaya. Ya ce keken wibin, wanda ke kame bakin yadi kada ya zare, yana shan zare ninkin ba ninkin na keken ɗinki, kuma telan da ke mantawa da irin waɗannan ƙananan abubuwa daga aljihunsa yake biya.

Ladan aiki kuwa da awa ya auna shi. Ya ba kowace riga awa huɗu, daga yanka zuwa haɗa kwala da bakin hannu, buɗe ramin maɓalli da guga. Awa 16 ke nan, sai ya cire ɗaya saboda awon ɗaya ne, zai shimfiɗa yadin ya yanka su tare. Kuɗin awarsa ya ƙunshi hayar shago, wuta, allura da man keke. A nan ne na ga amfanin takardar sosai. Da jimla kawai ya faɗa, da na nemi ragi, kuma duk abin da ya rage daga guminsa zai fita, tunda mai sayar da yadi ba ruwansa da cinikinmu. Tela idan aka matse ladansa, a ɗinkin ake gani: tazarar ɗinki ta yi faɗi, kwala ta karkace, maɓalli ya fara lilo tun ba a je ko'ina ba. Na samu sauƙina a yadi, shi kuma ladansa bai taɓu ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne layin kai kaya. Ya rubuta kuɗin tafiya ɗaya, kuma daidai ne da bai ninka shi sau huɗu ba, tunda ƙunshi ɗaya ne. Amma bai faɗi wanda zai biya ba idan riga ta koma gyara. Hannun guda ɗaya ya zarce da kusan inci ɗaya, ya gyara kyauta ba tare da gardama ba, sai dai kuɗin mayarwa da dawowa ni na biya, alhali awon nasa ne. Na faɗa masa, ya karɓa da kyau.

Zan sake ba shi aiki. Sai dai kafin in ba da kafin alƙalami, zan nemi ya rubuta faɗin yadin kusa da adadinsa, da wanda zai ɗauki kuɗin tafiya idan gyara ya taso.