Takardun inshora biyu, gidan haya ɗaya: wacce ke biyan haya idan gida ya ƙi zaunuwa?

"Jama'a, ina da gidan haya na ɗalibai a Batagarawa, ɗaki 12, kowanne N150,000 a shekara. An kawo mini takardun inshora biyu. Ta farko ta ce idan gida ya lalace za a biya ni asarar haya har kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka sa wa ginin, kuma miliyan 12 aka sa masa. Ta biyu ta gobara ce da sauran haɗurra, an rubuta haya a layinta daban, wata 12, miliyan 1.8. Wacce zan ɗauka?"

Hajiya, ranki ya daɗe, ni ta biyu zan ɗauka. Amma ko ita ba zan sa mata hannu ba sai an gyara wani abu, kuma abin ba a layin haya yake ba, a layin gini yake.

Takardun nan sun yi tarayya a abu guda, kuma a nan masu gidaje suka fi shan mamaki. Babu wadda ke biya don kawai ɗaki ya zauna ba kowa. Sai gidan ya lalace ta ɗaya daga cikin haɗurran da aka lissafa da suna a takardar, kamar gobara, tsawa, guguwa ko ambaliya, kuma lalacewar ta kai mutum ba zai iya zama a ciki ba. Ɗalibin da ya kwashe kayansa da daddare da bashin wata shida a kansa ba ya cikin wannan lissafi. Haka bangon da damshi ya daɗe yana ci har ya tsage, ko katakon rufi da gara ta cinye, ko sokawe da ya cika aka yi ta ɗaga kwasarsa. Kamfani zai ce wannan rashin kula ne, ba haɗari ba. Ki kuma duba da idonki cewa an rubuta guguwa da ambaliya, domin takardar gobara zalla ba ta ɗauke da su. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Jibiya a watan Yulin 2018, ko ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwano a unguwanninmu, ya san gobara ba ita kaɗai ce abin tsoro ba.

Yanzu mu gwada su da ƙaramar ɓarna. A ce a watan Yuni iska ta ɗauke rufin ɓangare ɗaya, ɗaki 8 sun buɗe, silin ya jiƙe ya zubo, wayarin ya lalace. Ɗaki 4 na ɗaya ɓangaren lafiya lau, masu su na ciki. Kamfani zai turo mai ƙiyasta ɓarna, ya duba, ya ce aikin nan na wata 3 ne. Hayar ɗaki 8 a shekara miliyan 1.2 ce, wato N100,000 a wata. Wata 3 ya kama N300,000. Takarda ta farko za ta biya wannan, ta biyu ma haka. A irin wannan ɓarna babu bambanci tsakaninsu, sai dai abin da kowacce ta ce za ki ɗauka da kanki kafin kamfani ya fara biya, wanda ya kamata ki kwatanta. Ɗakuna huɗun da ba su lalace ba ba za a biya hayarsu ba, ko da masu su sun tashi don ƙurar aiki ta dame su.

Sai babbar ɓarna. Allah ya kiyaye, wuta ta tashi daga risho ko wayar da aka yi wa jone-jone, ta ci gidan duka, aka ƙiyasta gyara zai ci wata 9. Hayar gidan N150,000 ce a wata, wata 9 ya zama miliyan 1.35. Takarda ta farko za ta tsaya a miliyan 1.2, domin shi ne kashi 10 na miliyan 12, sauran N150,000 kuma daga aljihunki. Ta biyu za ta ɗauki wata 9 cikin 12 na miliyan 1.8, ta ba ki miliyan 1.35 cif. Idan aikin ya kai shekara, giɓin ya zama N600,000. Idan ya zarce shekara, ta biyu ma ta ƙare, tunda wata 12 kika saya.

Ga abin da na fi so ki riƙe. Ana ƙirga watannin da gyaran ke buƙata ne, ba watannin da ɗakunan suka yi a rufe ba. Idan mai ƙiyasi ya ce wata 3, ke kuma kuɗi suka yanke, ko kafinta ya karɓi kafin alƙalami ya tafi wani aiki a Funtuwa, gyara ya kai wata 7, to wata 3 za a biya ki. A gidan ɗalibai wannan ya fi ciwo. An gama rufi a Satumba, yaran sun riga sun kama ɗakuna a wani wuri, ba za ki ga sababbin masu kama ɗaki ba sai an fara sabuwar shekarar karatu. Waɗannan watannin jira, ranar da gida ya koma abin zama aka daina ƙirga su, a duk takardun biyu. Sai fa idan kin nemi a ƙara sharaɗin da ke ci gaba da biya zuwa lokacin da aka sake ba da hayar. Ba kowane kamfani ke yarda ba, amma ki tambaya, kuma idan sun yarda a rubuta.

To, abin da na ce a gyara. Miliyan 12 za ta sake gina ɗaki 12 da banɗakunansu a farashin siminti, rodi da kwano na yau? Ba na jin haka. A ce magini ya zauna ya yi lissafi na gaskiya ya ce miliyan 24. Dokar inshorar gini ita ce idan rabin darajar kika sa, rabin ɓarnar za a biya ki, ko da ɓarnar ba ta kai kuɗin da kika sa ba. Rufin nan da iska ta ɗauke, idan gyaransa miliyan 4 ne, miliyan 2 za ki karɓa. Kafin ki haɗa sauran biyun damina ta yi nisa, aiki ya tsaya, kuma kin ji wannan jinkirin ba a biyan hayarsa. Ƙarancin kuɗin gini sau biyu yake cizo: a gyara, sannan a haya. Lissafin kuma na sake gini ne kaɗai, ban da kuɗin fili, domin fili ba ya ƙonewa.

Adalci ga takarda ta farko shi ne, idan aka ɗaga ginin zuwa miliyan 24, kashi 10 ɗinta ya zama miliyan 2.4, ya ma zarce hayarki ta shekara. Ta fuskar lamba sai ta wadatar. Abin da ya sa duk da haka nake karkata ga ta biyu shi ne irin waccan takarda galibi an tsara ta ne don gidan zaman iyali. Gidan da ɗalibai goma sha biyu ko fiye ke ciki, kowa da rishonsa ko tukunyar gas a ɗaki, wani haɗari ne daban a idon kamfani. Idan aka cike fom aka rubuta gidan zama kawai, ranar da aka zo biya za a iya cewa ba a faɗa musu gaskiyar yadda ake amfani da gidan ba, a hana ki kuɗin gini da na haya gaba ɗaya. Kada ki bari ejan ya cike miki fom a mota yana sauri. A rubuta cewa gidan hayar ɗalibai ne, da yawan ɗakuna, da cewa ana girki a ciki.

Ta biyu kuma raunin ta shi ne ba ta bin ƙarin haya da kanta. Idan baɗi kika mai da ɗaki N200,000 kika bar miliyan 1.8 a takarda, da tsohon farashi za a yi miki lissafi. Duk sabuntawa ki gyara lambar. Ƙarin kuɗin da za ki biya don layin haya ba ya da yawa idan aka gwada da na gini, tunda miliyan 1.8 ake karewa, ba 24 ba.

Akwai wani sharaɗi da ke ɓuya a ƙananan rubutu, na gidan da aka bari ba kowa. Yawancin takardu na cewa idan gida ya yi fiye da kwana 30 a jere babu mazauni, kariyar ta tsaya sai an sanar da kamfani ya amince a rubuce. Ga mai gidan ɗalibai wannan ba ƙaramin zance ba ne. Dogon hutu kaɗai ya isa, balle irin yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas. Ki tambaya ko maigadin da ke kwana a gidan ya wadatar, amsar kuma ta zo a takarda.

Sai batun da ya keɓanta da mu, wato karɓar hayar shekara gaba ɗaya. Kamfani asara yake biya, kuma idan kuɗin shekara na hannunki ba ki mayar wa kowa ba, zai tambaya ina asarar. Don haka yarjejeniyar haya ta kasance a rubuce, ta ce idan ɗaki ya ƙi zaunuwa saboda haɗari za a mayar wa ɗan haya kuɗin sauran watanni ko a ɗaga masa su zuwa gaba. Idan kin mayar, ki tura ta banki ko ya sa hannu a rasit. Na san da yawanmu da baki ake yi, dillali ya kawo yaro, a ƙirga kuɗi, shi ke nan. Mai ƙiyasta ɓarna ba ya aiki da "wallahi akwai mutum a ɗakin". Zai nemi sunan wanda ke kowane ɗaki, ranar da ya shiga, da abin da ya biya. Ɗakin da dama babu kowa a cikinsa ranar da abin ya faru, da wuya a biya hayarsa.

Ranar da tsautsayi ya faɗa, ki sanar da kamfani nan take a rubuce, ki ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, idan gobara ce ki karɓi rahoton 'yan kwana-kwana. Za ki iya rufe wurin da tamfol don ruwa kada ya ƙara ɓarna, wannan ma ana so ki yi, amma kada a kwashe ɓaraguzai ko a fara babban gyara kafin mai ƙiyasi ya zo. Kuma kariya ba ta fara aiki sai kuɗinki sun shiga hannun kamfani, don haka ki biya ta asusun kamfanin kansa, ki tabbatar yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya.

Idan zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi, tun bayan ƙa'idojin da NAICOM ta fitar a 2013. A can gudummawa ake zubawa a asusun taimakon juna, amma yadda ake auna haya da gini iri ɗaya ne da abin da na bayyana. Ki kai musu lambobin nan guda biyu, kuɗin sake gini daga bakin magini da miliyan 1.8 na wata 12, ki ce su ba ki farashinsu ki ajiye kusa da takarda ta biyu.