Gargaɗi ga masu ba da aikin zanen chibi

Jama'a a yi hattara da wasu masu tallar zanen chibi a Instagram da WhatsApp, wato zanen mutum da ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki irin salon Japan, wanda yanzu ake bugawa a sitikar biki da tambarin sana'a. Za su karɓi hotonka da kuɗinka gaba ɗaya, amma ba fuskarka za su zana ba. Fuska guda suke da ita a ajiye, sai dai su canza mata hula da launin fata su turo. In ka ce bai yi kama ba, amsar ɗaya ce: "Ai haka chibi yake." Ba haka yake ba.

Tsayin baligi ya kai tsawon kansa sau bakwai zuwa takwas. A chibi ana rage shi zuwa sau biyu ko uku. A ce sitika ce mai tsayin santimita 10 a kan tsawon kai sau biyu da rabi: kai zai ci santimita 4, sauran jiki 6. Awon kan daga haɓa ne zuwa tsakar ka, ban da hula. A nan marasa gwaninta ke kasawa: sai su lissafa zanna bukar ko ɗaurin ɗankwali cikin santimita huɗun, fuska ta tsuke, wurin sa kamanni ya ƙare.

Tunda ana ƙara girman ido a rage hanci, kamannin sai ya koma kan siffar fuska da abu biyu ko uku da aka san mutum da su. Mai doguwar fuska ba a mayar da ita zagayayya kamar faifai. Wushirya, yankan gemu, kaurin gira, tabarau, waɗannan ake ɗan zuzutawa. Tazarar da ke tsakanin idanu kuwa a bar ta yadda take gwargwadon faɗin fuska. Da zarar an taɓa ta, wani mutum ne daban.

Kafin ka biya, jera samfuri uku na mai zanen ka rufe hulunan da yatsa. In gira da haɓa iri ɗaya ne, ja da baya. Sa samfurin a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, don wasu aikin mutane suke sata. Kada kafin alƙalami ya wuce rabi, kuma a fara turo zanen gwaji. Ƙanƙanta shi a waya ya zama kamar farcen babban yatsa, ka nuna wa ɗan gidanku ba tare da ka faɗi ko wane ne ba.

Ku yi yarjejeniya a rubuce kan sau nawa za a gyara, da fayil ɗin da za a ba ka: PNG marar bango, kusan fiksel 1200 a tsaye don bugun santimita 10. A turo shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto, ya fito dishi-dishi a wajen mai bugu.