Garantin tsohuwar mota a Amurka: abin da takardar ke biya da abin da take gudu

'Yan uwa na Sakkwato, ina gaishe ku. Tambaya guda ce ke yawan zuwa daga gida, musamman daga masu son a sayo musu mota a ɗoro a jirgin ruwa: wai gaskiya ne a nan dila na ba da garanti kan tsohuwar mota, in ta lalace a gyara kyauta? Gaskiya ne, sai dai tana da kauri, kuma akwai sharuɗɗa a ƙarƙashinta.

A gida kun san yadda ake yi. Mutum ya je wurin dillalai da bakanikensa, a buɗe bonet, a ja sandar baƙin mai a duba, a saurari injin, a zaga gari a dawo. Da an yi sallama an miƙa makulli, abin da ya biyo baya naka ne, sai fa in mai motar mai jin kunya ne ko akwai sanayya. A nan ba ruwan kowa da sanayya, abin da aka rubuta shi ne magana. Dokar tarayya ta tilasta wa dila ya liƙa wata takarda mai suna Buyers Guide a jikin kowace tsohuwar mota. In an yi maki a kan AS IS, to cinikin gida ne sak: ka fita da ita, ta zama taka da duk ciwonta. In an yi maki a gurbin garanti, dole a rubuta sassan da ya shafa, da tsawon lokaci, da kaso nawa dila zai biya na kaya da na aiki. Wannan kason a lura da shi. Wasu kan rubuta hamsin bisa ɗari, kuma a garejinsu kaɗai za a yi gyaran, su ne masu yanka farashi. Alkawarin baki da mai talla ya yi, in bai shiga takarda ba, ɗauke shi kamar ba a yi ba.

Wasu jihohi sun ƙara nasu. A New York, motar dila da kuɗinta ya kai dala 1,500 tana da garanti na dole gwargwadon tafiyar da ta yi. Wadda ke tsakanin mil 80,000 da 100,000, kwana 30 ne ko mil 1,000, duk wanda ya riga cika. Mil 1,000 kusan kilomita 1,600 ke nan. Ya shafi injin, giyabos, birki, sitiyari, lagireto, altaneta da sitata, ban da batir. Wadda ta haura mil 100,000 ba ta ciki, kuma irinta ce mutanenmu suka fi saye saboda sauƙi.

Wancan ba a biyan komai a kansa. Wanda ake biya shi ne wanda ake tallata maka a ɗakin ƙarshe, lokacin sa hannu, bayan ka gaji da ciniki. Suna kiransa ƙarin garanti, amma a zahiri yarjejeniyar gyara ce, kuma sau da yawa ba dilan ne ke riƙe da ita ba, wani kamfani ne daban, dila kamashonsa kawai yake ci. Iri biyu ce. Akwai mai lissafa sassan da za ta biya, duk abin da ba a ambata ba babu shi. Akwai mai lissafa abin da ba za ta biya ba, sauran duka suna ciki. Ta biyun ta fi tsada, ta kuma fi amfani nesa ba kusa ba. Dukkansu sun cire kayan da ke cinyewa da aiki: taya, batir, takalmin birki, farantin kuloci, fulogi, bel da tiyo.

Daga tiyon nan ne yawancin rigima ke tashi, don haka bari mu bi misali guda daki-daki. A ce mutum ya sayi Camry mai mil 90,000, ya biya dala 2,400 na yarjejeniyar injin da giya ta shekara uku. Wata rana a babbar hanya tiyon lagireto ya tsage, ruwa ya tsiyaye, allurar zafi ta hau. Ya ce bari ya lallaɓa ya kai mafita ta gaba. Kafin ya isa gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. A gareji ba za a taɓa ta ba sai an kira kamfanin an sami izini, domin gyaran da aka yi kafin izini ba sa biya. Kamfanin zai ce a kwance injin a ga musabbabi, kuma mai mota ne zai sa hannu cewa kuɗin kwancewar na wuyansa in aka ƙi. Sai mai duba ya zo ya ɗauki hotuna. Hukuncinsa ba wuyar hasashe: abin da ya fara lalacewa tiyo ne, tiyo ba ya cikin jerin, kuma an ci gaba da tuƙi bayan mota ta yi zafi. Injin yana cikin garanti, amma ba a biya ko sisi ba. Da famfon ruwa ne ya mutu, yana kuma cikin jerin, direba ya tsaya nan take ya kira motar ja, da dala 100 ɗin da aka yanka masa a kowane gyara kawai zai fitar.

Hanya ta biyu ta ƙin biya ita ce rasit. Za su nemi shaidar juyen baƙin mai a kan kari, mai kwanan wata da lambar mil. In babu, aka buɗe injin aka ga dasƙararren mai, magana ta ƙare. Haka in an canza wani abu daga yadda kamfani ya ƙera. Al'adar bakanikenmu ta cire tamostat wai saboda zafin Sakkwato, a nan ita kaɗai ta isa hujjar ƙin biya. Wanda kuma zai yi haya da motar, ɗaukar fasinja ko kai saƙo, ya tambaya tun farko, yawanci an cire aikin haya sai an biya ƙari. Wasu yarjejeniyoyin ma ba sa fara aiki sai bayan kwana 30 da mil 1,000, don kada a biya ciwon da aka sayo motar da shi.

To ya cancanci a biya? A ganina, ga Toyota ko Honda mai tarihin gyara a rubuce, a'a. Ka ba bakanike mai zaman kansa dala 150 ko 200 ya ɗaga ta ya sa mata na'ura kafin ciniki, sauran kuɗin ka ajiye don ranar gyara. Balle in an cusa dala 2,400 ɗin cikin bashin mota: a kan kuɗin ruwa kashi 10 na shekara biyar za ta koma kusan dala 3,060, ga nauyin riba ga mai gudun ta. Inda take da amfani shi ne motar Jamus mai yawan lantarki, ko mai giyabos irin CVT da aka san shi da mutuwa, wanda canza shi kan haura dala 4,000. Ko a nan ma ka nemi wadda kamfanin da ya ƙera motar ke tsaya wa, ka karɓi cikakkiyar yarjejeniyar ka karanta a gida, ka kuma taya, domin farashinta na sauka kamar na motar.

Ku kuma masu aiko kuɗi daga gida, duk wanda ya ce a ƙara muku garanti kada ku yarda. Kusan duk takardun nan a Amurka da Kanada kaɗai suke aiki, da mota ta hau jirgi zuwa Kwatano ko Legas sun mutu. Motocin gwanjo masu takardar salvage, waɗanda inshora ta riga ta yafe bayan haɗari ko ambaliya, tun a nan ma da wuya a sami mai ba su garanti. Abin da zai amfane ku shi ne lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai harafi da lamba 17: a nemo tarihin motar da ita, a turo muku hoton takardar mallaka, ku gani da idonku kafin ku saki kuɗi.